Yadda Ake Rubuta Saƙon Rangwame A WhatsApp Ba Tare Da An Gundure Kwastoma Ba

Atamfa da mayafi nake sayarwa daga gida, a Kantin Kwari nake saro su, kuma kusan duk cinikina ta WhatsApp yake tafiya. Farkon farawata, idan zan yi rangwame sai in rubuta saƙo guda mai tsawo, in cika shi da hoton wuta da taurari, in watsa wa duk lambar da ke wayata. Amsar da ke dawowa ba ta wuce biyu zuwa uku, ita ma ɗaya daga ƙanwar mahaifiyata take, tana cewa Allah ya kawo kasuwa. Na daɗe ina ɗora wa kayan laifi, ashe matsalar a saƙon take.

Abin da na gano daga baya shi ne, burodkas, wato saƙo ɗaya da WhatsApp ke aika wa mutane da yawa a lokaci guda, ba ya iya saka sunan kowace mace a cikin saƙo. Abin da kika rubuta shi zai je wa kowa, harafi da harafi. Saboda haka idan kina so mai karantawa ta ji kamar ita kaɗai kika rubuta wa, dole ki fara tace waɗanda za su karɓa, har ya zama duk jimlar da kika faɗa gaskiya ce a kan kowaccensu. A wannan tacewar mafi yawan aikin yake, rubutun kansa bai fi minti goma ba. Da mace nake magana a nan domin sana'ata ta mata ce, amma mai sayar da shadda ko takalma ko kayan waya zai iya bin matakan nan yadda suke.

Abin da za ki tanada

Waya mai WhatsApp Business. Kyauta ake sauke shi, kuma ya fi na yau da kullum amfani saboda yana ba ki damar yi wa kwastomomi alama da ajiye amsoshi. Idan na yau da kullum kike da shi, shi ma yana yin burodkas. Kada ki kusanci WhatsApp ɗin bogi irin su GB, duk da ana kwaɗaita wa mutane cewa suna aika saƙo babu iyaka. Ana rufe layi a kansu, layin kasuwa kuwa idan ya tafi ya tafi da kwastomomi.

Littafin ciniki, ko na makaranta mai rahusa ne, inda kike rubuta wa ta sayi me da yaushe. Idan ba ki taɓa riƙe littafi ba, hirarrakin da ke cikin wayar su ne littafinki, sai dai za ki ɓata yini guda kina bin su.

Hoto ɗaya ko biyu na ainihin kayan, ke kika ɗauka da rana a inuwa, ba wanda kika kwaso daga shafin wani ba. Sannan lissafin da kika riga kika gama: tsohon kuɗi, sabon kuɗi, yawan kayan da suka rage, da ranar da rangwamen zai ƙare. Kada ki taɓa wayar sai waɗannan huɗun suna rubuce a gabanki.

1. Ki tabbata suna da lambarki

Wannan ita ce dokar da ke kayar da sababbi. Saƙon burodkas ba ya isa ga mutum sai idan ya adana lambarki a wayarsa. Ke ki adana tasa ba ya wadatarwa. Sai ki ga mace ta tara lambobi ɗari biyu daga guruf ɗin biki, ta aika, ta zauna tana jiran oda, alhali saƙon bai shiga wayar ko kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Yadda nake yi shi ne, duk wadda ta sayi kaya, bayan ta ce ya iso lafiya, sai in ce mata: "Don Allah ki adana lambar nan. Ina sanar da kwastomomina idan na yi rangwame, in saka ki?" Da tambayar nan na samu an adana ni, na kuma samu izini. Wadda ta ce a'a ko ta yi shiru, ba na saka ta. Ba kunya ce kawai ke hana ni ba: duk wanda ya ga saƙon da bai nema ba yana iya danna Block ko Report, kuma idan ƙorafi ya yi yawa WhatsApp na dakatar da layi.

Idan ke sabuwa ce ba ki da tsofaffin masu saye, ki ɗora a Status cewa duk mai son a riƙa sanar da ita ta yi miki magana. Mutum ashirin da suka ce suna so sun fi ɗari biyun da aka kwaso.

2. Ki raba mutanen gida-gida

Jerin burodkas ɗaya yana ɗaukar mutum 256, kuma za ki iya buɗe jeri fiye da ɗaya. Amma kada adadin nan ya ruɗe ki, ba buri ba ne ki cika shi. Nawa jerin da ya fi kowanne girma bai kai mutum sittin ba.

Harshenmu ma da kansa yana tilasta rabon. Bahaushe ba shi da kalma guda da zai ce wa namiji da mace da tsoho da yaro. Idan kika rubuta "kin gani" ya faɗa wayar Alhaji, ya san nan take ba da shi ake ba. Idan kika rubuta "ka/kin gani", kin riga kin tona wa kanki asiri cewa taro kike yi wa shela. Idan kuma kika gudu zuwa "jama'a ku garzayo", kin koma mai tallan maganin gargajiya a mota da lasifika. Mafita ita ce kowane jeri ya zama na mutanen da kalma ɗaya ta dace da su.

Ga yadda nawa suke. Akwai jerin sa'o'ina da ƙannena waɗanda suka taɓa sayen atamfa, su "ke" nake ce musu. Akwai na manyan mata, iyaye da hajiyoyi, waɗanda nake buɗe musu da "Hajiya, barka da warhaka", in yi musu "ku" na girmamawa. Akwai na maza masu saya wa iyali, wanda ba ya motsi sai lokacin kayan Sallah ko lefe. Akwai na masu sari, waɗanda lissafin dila da riba kawai suke son ji. Sai kuma ɗan ƙaramin jeri na waɗanda suka tambayi kuɗi ba su saya ba. Kwastomomina da ba Musulmi ba ma na ware su, domin gaisuwar "ya ibada" ba tasu ba ce, kuma lokacin sayayyarsu Disamba ne.

A WhatsApp Business za ki iya manna wa kowace hira alama mai launi. Wasu wayoyin Labels suke nunawa, wasu Lists. Ki ba alamar suna da Hausarki, kamar "Atamfa sa'o'i" ko "Hajiyoyi". Don buɗe jerin burodkas a Android, ki danna ɗigo ukun da ke sama, ki zaɓi New broadcast, ki zaɓi mutanen. Waɗanda ke ciki ba sa ganin juna, kuma amsar kowa ke kaɗai za ta zo wa, kamar hira ta yau da kullum. Wannan ne ya sa ya fi a kwashi mutane a zuba a guruf ba da saninsu ba, abin da ni kaina nake fita da zarar an yi mini.

Kuskure guda da na taɓa yi: na bar wata da nake bi bashin turmi biyu a cikin jerin, saƙon "na gode da cinikin da muke yi" ya je mata, ta ɗauka habaici ne. Masu bashi, da wadda kuka yi saɓani a kan kaya, da wadda kika san an yi mata rasuwa kwanan nan, ki cire su kafin ki aika.

3. Ki samo dalilin rangwamen, na gaskiya

Mutane sun gaji da jin "gagarumar garaɓasa". Abin da ke sa a yarda da ragi shi ne a ji dalilinsa, yadda za ki gaya wa maƙwabciya ta kan katanga. Misalin da zan bi har ƙarshe shi ne na azumi: saura turmi 40 a hannuna daga kayan da na saro kafin Ramadan, ina sayar da turmi ₦18,000, ina so su fita in samu kuɗin sarin mayafan Sallah. Na mayar da shi ₦15,500. Kuma kowa ya san idan azumi ya raba tsakiya teloli da yawa sun daina karɓar ɗinki, don haka atamfar da ba ta fita a goman farko ba sai ta kwana har bayan Sallah. Dalilina ke nan, kuma ya shafi mai saye kamar yadda ya shafe ni.

Kada ki ƙara kuɗi sannan ki rage ki kira shi rangwame. Matan da ke jerinki sun san nawa suka saya wancan watan, wasu ma suna shiga kasuwar da kike shiga. Haka nan kada ki ce "yau kaɗai" idan kin san jibi ma za ki sayar a haka. Sau ɗaya za a kama ki, daga nan duk wa'adin da kika saka ba mai kula shi.

4. Rubutun

Ki ɗauki mace ɗaya daga cikin jerin, wadda kika sani sosai, ki rubuta kamar ita kaɗai za ki aika wa. Idan kin gama, ki duba ko akwai kalmar da ba ta dace da sauran ba, ki cire. Kafin in nuna miki mai kyau, ga irin wanda nake aikawa a da, kuma har yanzu irinsa nake samu kullum:

"GARAƁASA! GARAƁASA!! GARAƁASA!!! Ina ma'abota ado da kwalliya? Ku garzayo, nesa ta zo kusa! Muna da atamfa, leshi, shadda, mayafai, takalma, jakunkuna, turaruka, duk a farashi mai rahusa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A taimaka a tura gaba."

Babu gaisuwa a ciki, babu kuɗi, babu rana, babu ma wanda ake magana da shi. Kaya bakwai aka lissafa, mai karatu ba ta ga ko ɗaya ba. Ga wanda na aika wa jerin sa'o'ina a maimakonsa:

"Salamu alaikum, ya ibada? Atamfar nan irin wadda kika taɓa saya a wurina, saura turmi 40, ina so in fitar da su kafin teloli su rufe karɓar ɗinki. Na mayar da turmi *₦15,500* daga ₦18,000, zuwa daren Juma'a. Na fara gaya wa waɗanda suka taɓa saye kafin in ɗora a sitatus jibi. In turo miki kalolin da suka rage?"

Ki lura da layin farko. Kafin mutum ya buɗe saƙo, 'yan kalmomin farko kawai yake gani a saman waya, da su yake yanke shawarar buɗewa. Sallama da gaisuwar lokaci suna kama da saƙon mutum, manyan baƙaƙe kuwa suna kama da talla. Amma gaisuwar ta tsaya a layi guda. Idan kika jero ya gida, ya yara, ya maigida, ya aiki, sannan kika ɓullo da atamfa, sai a ji kamar gaisuwar mai zuwa rance. Ga kuma haɗari: ba kowa ce a jerin take da yara ko miji ba.

Jimla ta biyu ita ce ke ɗauke da kusancin, "irin wadda kika taɓa saya a wurina". Na iya faɗin haka ne kawai domin babu wadda ke jerin da ba ta taɓa saya ba. Ita ma maganar "na fara gaya wa waɗanda suka taɓa saye" alkawari ce, kuma ina cika ta, ba na ɗora kayan a Status sai ranar da na faɗa. Ki lura ban ce "ke kaɗai na gaya wa" ba. Ƙarya ce, kuma ranar da ƙawaye biyu suka haɗa wayoyinsu a gidan suna za ki ji kunya. Ba laifi ba ne mace ta gane cewa wasu ma sun samu saƙon, muddin abin da ke ciki ya shafe ta.

Kuɗin na rubuta shi ƙarara, na sa shi tsakanin taurari biyu domin ya fito da kauri. Abu ɗaya kawai ake yi wa haka a saƙo, idan komai ya yi kauri babu abin da ya fito. Masu cewa "a yi magana don jin farashi" suna korar mai kunyar tambaya, su ne kuwa suka fi yawa. Na kuma rufe da tambaya ɗaya wadda "eh" ta isa amsarta. Ban saka lambar akawun ba, wannan sai an zaɓi kala. Lambar akawun a saƙon farko kamar miƙa hannu ne tun baƙo bai zauna ba.

Na hajiyoyi kuwa haka ya fita:

"Salamu alaikum Hajiya, barka da shan ruwa, ya ibada? Na ce bari in sanar da ku na rage kuɗin atamfar nan da kuke saya, turmi ya koma *₦15,500* daga ₦18,000 zuwa ranar Juma'a. Idan akwai rabon kayan Sallah da za a yi, daga turmi biyar ni zan biya kuɗin kawowa cikin gari. In turo hotunan ku duba?"

Kaya ɗaya ne, kuɗi ɗaya, amma buƙatar ta bambanta. Babbar mace ba ɗinkin kanta ya dame ta ba, tana tunanin 'yan aiki da dangi da za ta yi wa kayan Sallah. Na maza ya fi kowanne gajarta: na ce turmi yadi shida ne, ya isa ɗinkin mutum ɗaya, idan ya faɗi adadin iyalinsa zan haɗa kaloli in aika masa ya zaɓa. Yawancinsu abin da suke gudu ke nan, zaɓen kala.

Tsawon saƙo kada ya kai inda WhatsApp zai yanke shi ya sa Read more. Idan kin ga hakan, kin yi surutu. Imoji ɗaya ya isa, ko babu ma.

5. Hoto, murya, da gwaji

Hoto ɗaya za ki haɗa, ki sa rubutun a ƙarƙashinsa domin su tafi a saƙo guda. Hotuna goma sha biyar a jere suna sa waya ta yi ta ƙara, suna cinye data, suna cika ma'ajiya, kuma ba abin da ke jawo bulokin da sauri kamar su. Sauran kalolin na wadda ta ce a turo ne.

Idan a cikin kwastomominki akwai waɗanda karatun boko bai zauna musu ba, ki yi musu jeri daban ki aika saƙon murya wanda bai wuce rabin minti ba. Ki faɗi kuɗin sau biyu a hankali, ki yi shi inda babu kukan yara ko ƙarar injin markaɗe.

Kada ki tura saƙon da wani ya aiko miki daga wata hira, domin zai fito da tambarin Forwarded a kansa, wanda ke nuna ba don mutumin aka rubuta ba. Ki kwafa ki manna. Kafin nan ki fara aika shi zuwa wayar wani na gida ki karanta a can da babbar murya. Na taɓa barin sifili ɗaya a baya, turmi ya koma ₦1,550, na wuni ina ba da haƙuri.

6. Lokacin aikawa

Ki aika a lokacin da ke kanki kike da sararin amsawa na awa ɗaya ko biyu. Saƙon da ya yi kama da hira, aka amsa, aka ji shiru har gobe, ya fi tallan lasifika ɓata rai. A azumi hantsi ya fi, ko bayan tarawihi. Daga la'asar zuwa buɗa-baki mata suna kicin, ba mai duba atamfa. A sauran watanni ina aika wa ma'aikata a ƙarshen wata idan albashi ya shiga, ina kuma kauce wa tsakar dare da lokacin sallar Juma'a. Kada ki saki jeri biyar a lokaci guda. Ki aika ɗaya, ki gama da amsoshinsa, sannan na gaba.

7. Bayan ya tafi

A nan ne sunan da burodkas ya kasa sakawa zai shigo. Duk wadda ta amsa, ki kira ta da sunan da kika saba, Maman wane ko Anti wance, ki leƙa littafinki ki ce, "Wancan karon shuɗiya kika ɗauka, akwai mai ruwan goro da za ta dace da ke." Abubuwan da ake maimaitawa, irin lambar akawun da kuɗin aikawa tasha, ki ajiye su a Quick replies, da kin danna alamar / za su fito ki zaɓa. Kada ki saki kaya sai kin ga kuɗin a cikin akawun ɗinki da idonki, hoton tiransifa ba shaida ba ne.

Washegari ki shiga jerin, ki danne saƙon, ki zaɓi Info. Zai nuna miki waɗanda ya isa gare su da waɗanda suka karanta, ban da masu kashe alamar karantawa. Wadda kwana biyu bai isa gare ta ba, alhali kina ganin tana hawa, galibi ba ta adana lambarki ba ne, sai ki yi mata magana kai tsaye. Idan ya isa, an karanta, amsa ta yi ƙaranci, to ki duba kuɗin ko ki duba ko jerin ya dace da kayan. Idan kuwa hoton fuskar mutane ya fara ɓacewa kuma saƙonki na tsayawa a alama ɗaya, wataƙila bulokin ake yi miki, ki rage yawan aikawa.

Tuni sau ɗaya ake yi, ranar ƙarshe, kuma da sabon labari a ciki: "Saura turmi 9, yau da dare zan rufe." Adadin ya zama na gaskiya. Waɗanda suka riga suka saya ki cire su kafin tunin, ko ki bi sauran ɗaya bayan ɗaya idan ba su da yawa. Ni ba na wuce burodkas biyu a wata ga jeri guda, sauran tallan Status ke ɗauka, tunda shi mai so ne yake buɗewa. Wadda ta ce a daina turo mata, ki ce "to, na cire ki, na gode", ki cire ta a take ba tare da tambayar dalili ba. Wadda kuma aka yi rangwame uku a jere ba ta ko tanka ba, ina fitar da ita daga jerin da kaina, in bar ta da Status.

Ranar Asabar da safe turmi ya koma ₦18,000. Za a samu mai zuwa ta ce ba ta ga saƙon da wuri ba. Idan tsohuwar kwastoma ce nakan ɗauke mata kuɗin kawowa, amma kuɗin turmin ba na taɓa shi, domin waɗanda suka yi sauri suka biya ranar Juma'a suna nan a jerin da zan sake aika wa saƙo kafin Babbar Sallah.